Lissafin da Ke Nuna ko Bangon Hanya Zai Zafto

Idan aikin hanya ya iso tudu, masu aikin kan zaɓi ɗaya cikin uku: su kewaye shi, su haura ta kansa, ko su yanke shi hanyar ta ratsa ta tsakiya. In aka yanke, sai a bar bangon ƙasa a gefe ɗaya ko a duka gefuna biyu, wanda wani lokaci tsayinsa kan kai na bene hawa uku ko fiye. Ana yawan ganin irin waɗannan bangaye a hanyoyin da ke haurawa tsaunukan Filato da na Mambila. Ƙasar da ke cikin bangon a da tana jingine da wadda aka kwashe, yanzu kuwa ba ta da madogara sai ƙarfin kanta. Saboda haka kafin katafila ta sa baki, dole injiniya ya san irin kwanciyar da zai ba bangon. In ya kwantar da shi da yawa, kuɗin haƙa da na diyyar filaye za su cinye aikin. In ya miƙar da shi da yawa, wata damina zai zubo kan hanya. Lissafin da aka fi yin amfani da shi wajen yanke wannan hukunci shi ne dabarar yanka-yanka, kuma sakamakonsa lamba ce guda ɗaya da ake kira ma'aunin aminci.

Abu biyu ne ke riƙe ƙasa a kan gangare. Na farko shi ne cijewar da ƙwayoyinta ke yi da juna idan an danne su. Wannan ƙarfi yana ƙaruwa daidai da nauyin da ke danna ƙwayoyin: in nauyin ya ninka, cijewar ta ninka. Shi ya sa yashin da tifa ta juye yake tsayawa a tsibi mai gangaren da bai cika wuce digiri talatin da 'yan kai ba, komai girman tsibin. Na biyu shi ne danƙo, wato mannewar da ke cikin yumɓu ko marmara, wadda ba ruwanta da nauyin da ke sama. Ita ce ke sa a iya haƙa rami a jar ƙasa bangonsa ya tsaya cak, abin da busasshen yashi ba zai taɓa yi ba. Ana auna waɗannan biyun a ɗakin gwaji. Akan haƙo ƙasar wurin ba tare da an wargaza ta ba, a sa ta a wani ƙaramin akwati mai rabi biyu, a danna ta da nauyi, sannan a riƙa tura rabin sama har ƙasar ta tsage. Idan aka maimaita da nauyi iri uku ko huɗu, sai a gane nawa ne na danƙo, nawa ne na cijewa.

Yadda dabarar ta samo asali

A shekarar 1916 wani dogon dandamalin sauke kaya mai suna Stigberg a tashar jiragen ruwa ta Gothenburg, a ƙasar Suwidin, ya zame cikin ruwa. Injiniyoyin da suka binciki lamarin, Knut Petterson da Sven Hultin, sun lura cewa yumɓun da ke ƙarƙashinsa bai ruguje barkatai ba. Dunƙule guda ne ya juya a kan wata shimfiɗa mai lanƙwasa kamar ɓangaren da'ira, samansa ya nutse, gindinsa ya turo waje. Wannan lura ce ta buɗe hanyar lissafi, domin in dai ƙasar juyawa take yi a kan da'ira, ana iya kwatanta ƙarfin da ke juya ta da ƙarfin da ke hana ta juyawa. Wolmar Fellenius, wanda ya shugabanci kwamitin da hukumar jiragen ƙasan Suwidin ta kafa kan zaftarewar ƙasa, shi ya tsara dabarar a rubuce-rubucensa na 1927 da 1936, kuma har yau da sunansa ake kiran siffarta mafi sauƙi.

Dalilin yanka dunƙulen gunduwa-gunduwa shi ne babu abin da yake daidai daga wannan ƙarshen da'irar zuwa wancan. Kusa da kan bango da'irar tana miƙe ƙwarai, a tsakiya ta kwanta, a gindi kuma tana iya ɗan ɗagowa sama. Kaurin ƙasar da ke kanta ma ya bambanta, ga shi kuma tana iya ratsa ƙasa iri biyu ko uku, marmara a sama, ruɓaɓɓen dutse a ƙasa. To sai a zana bangon ta gefe a takarda, a ja da'irar da ake zargi, a raba ƙasar da ke kanta da layuka a tsaye, kowane yanki ya zama siriri yadda za a iya ɗaukar gindinsa a matsayin miƙaƙƙen layi mai karkata ɗaya da ƙasa iri ɗaya. A kowane yanki nauyinsa kan rabu gida biyu. Wani kaso yana danna gindin yankin, shi ne ke haifar da cijewa. Wani kaso kuma yana bin gangaren gindin, shi ne ke jan ƙasar ta zame. Gwargwadon miƙewar gindin, gwargwadon yawan kason da ke ja. A ƙarshe a tara duk ƙarfin riƙo na yankunan, a tara duk ƙarfin ja, a raba na farko da na biyu. Abin da ya fito shi ne ma'aunin aminci na wannan da'irar.

Misali da alƙaluma

A ɗauki bango mai tsayin mita 10, wanda aka kwantar da shi yadda duk hawan mita ɗaya yake ja da baya mita ɗaya da rabi, wato gangaren kusan digiri 34. A ce kowace mita ɗaya mai tsawo da faɗi da zurfi ta ƙasar tana da nauyin tan 2. A ce gwaji ya nuna danƙonta yana riƙe tan ɗaya da rabi a kowace murabba'in mita, cijewarta kuma rabin nauyin da ke danna ta ce. Ana yin lissafin ne a kan mita ɗaya ta tsawon hanya, a ɗauka sauran wurin haka yake. Da'irar da za a gwada ta taso daga gindin bangon, ta kutsa ciki, ta ɓullo a saman tudun mita 5 a bayan bakin bangon. Faɗinta daga gindi zuwa inda ta ɓullo mita 20 ne, sai a raba shi yanki biyar, kowanne mita 4. A aikin gaske akan yi yanki talatin ko hamsin, amma biyar sun isa a ga yadda abin yake tafiya.

Nauyin yankunan, daga gindi zuwa sama, ya fito tan 13, da 35, da 48, da 52, da 26, jimla tan 174. Yanki na huɗu ya fi kowanne nauyi, gindinsa kuma ya karkata kusan digiri 35. A wannan karkata, daga tan 52 ɗinsa, ƙarfin ja ya kai kusan tan 30, na dannawa kuma kusan tan 43. (Biyun ba sa haɗuwa su ba da 52, domin ba gefe ɗaya suke fuskanta ba.) Yanki na biyar, na can sama, nauyinsa rabin na huɗu ne kawai, amma da yake gindinsa ya miƙe har digiri 53, yana ja da kusan tan 21, yana dannawa da 15 da ɗoriya kacal. Ke nan yana ɗora wa sauran kaya fiye da taimakon da yake bayarwa. Na uku yana ja da tan 16 da rabi. Na biyu, duk da nauyinsa na tan 35, tan 4 kawai yake ja, domin gindinsa kusan a kwance yake, sauran duk dannawa ce. Na farko kuwa abin lura ne: gindinsa ya ɗan karkata ta baya, don haka maimakon ya ja, tokarewa yake yi da kimanin tan ɗaya da rabi.

Da an tara, ƙarfin ja ya kama kusan tan 70, na dannawa kuma tan 151. Cijewa rabin dannawa ce, wato kusan tan 75. Tsawon da'irar da ke binne a ƙasa mita 24 ne, danƙo ya ba da tan 36 ke nan. Ƙarfin riƙo gaba ɗaya ya zama tan 111. A raba 111 da 70, ma'aunin aminci ya fito kusan 1.6.

Wannan amsar da'ira ɗaya ce tak, kuma babu wanda ya gaya wa ƙasar cewa ta nan za ta tsage. Dole a sake gwada wasu da'irori, manya da ƙanana, masu zurfi da na sama-sama, masu fita ta gindi da masu nutsawa ƙarƙashin hanyar, har a samo wadda ta ba da mafi ƙanƙantar lamba. Wannan mafi ƙanƙantar ita ce ma'aunin amincin bangon. A zamanin Fellenius aikin kwanaki ne da fensir da takarda. Yau kwamfuta kan gwada dubbai kafin a ƙifta ido, sai dai saurin bai ƙara wa alƙaluman da aka ba ta gaskiya ba ko kaɗan.

Inda ruwa ke shigowa

Lissafin da ya gabata na rani ne. Mutane da yawa kan ɗauka damina tana zubar da bango ne saboda jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi nauyi. Alƙaluman misalin sun nuna wannan ba shi ne babban dalili ba. In nauyin ƙasar ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, ƙarfin ja zai hau zuwa tan 77, amma cijewa ma za ta hau zuwa 83, domin ita ma da nauyi take tafiya. Ma'aunin zai sauka ne daga 1.6 zuwa kusan 1.55, saukar da ba ta taka kara ta karya ba.

Ainihin ɓarnar tana wani wuri, kuma Karl Terzaghi, wanda littafinsa na 1925 ya aza harsashin ilimin ƙarfin ƙasa na zamani, shi ya fayyace ta. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai ƙananan kafofi. Idan ruwa ya cika su ya taru, yana samun matsi, kuma wannan matsin yana ɗauke wani ɓangare na nauyin da ya kamata ƙwayoyin su ɗauka. Cijewa kuwa ba ta san kowane nauyi ba sai wanda ya ratsa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Wanda ya taɓa ƙetare rafi ruwa na kai masa ƙirji ya san yadda ƙafarsa ke daina kama ƙasa, ba don nauyinsa ya ragu ba, sai don ruwan ya tallafe shi. Haka ƙasar ke yi, da bambanci ɗaya mai muni: nauyin da ke janta ƙasa yana nan daram, riƙon ne kawai ya ragu.

Lissafa matsin ba wuya. Duk mita ɗaya ta ruwan da ya tsaya a saman wani wuri tana ba da matsin tan ɗaya a kowace murabba'in mita. A ce a watan Agusta ruwan cikin bangon ya hau har rabin tsayin kowane yanki. A yanki na huɗu, mai tsayin mita 6 da rabi, matsin zai haura tan 3 a kowace murabba'in mita, gindinsa kuma kusan mita 5 ne, don haka ruwa ya ɗauke kusan tan 16 daga 43 ɗin da yake dannawa da su. A duka yankunan biyar abin da ruwa ya ɗauke ya kai tan 52. Saura 99 daga 151, cijewa ta koma kusan tan 50. A haɗa da 36 na danƙo, 86 ke nan, ƙarfin ja kuma yana nan a 70. Ma'aunin ya faɗo zuwa 1.2 da ɗan kai. In ruwan ya ƙara hawa ya kai kashi uku cikin huɗu na tsayin yankunan, lambar za ta tsaya a bakin 1.0. Bango ɗaya ne, ƙasa ɗaya, ba a taɓa shi da ko cebur ba.

Akwai kuma tsagar da kan buɗe a saman tudu, a bayan bakin bango, musamman a ƙasa mai danƙo bayan ta sha rani. Inda ƙasa ta tsage babu sauran danƙo, kuma ruwan sama na farko zai cika tsagar. Tsaga mai zurfin mita 3 in ta cika tana tura bangon waje da ƙarfin tan 4 da rabi a kowace mita ta tsawon hanya, ko da faɗinta bai wuce yatsa ba, domin matsin ruwa da zurfi yake tafiya ba da yawa ba. Injiniya mai hankali kan sa wannan tsagar a lissafinsa ko bai gan ta a wurin ba.

Gyaran da Bishop ya kawo

Dabarar Fellenius tana da rauni ɗaya sananne: ta ɗauki kowane yanki kamar shi kaɗai yake tsaye, alhali yankunan suna matse da juna, na sama yana jingina da na ƙasa. Yin watsi da wannan yana sa ta raina dannawar da ke gindin yankunan da suka miƙe. Ana iya ganin haka ƙarara a misalin. Lokacin da ruwa ya kai kashi uku cikin huɗu, yanki na biyar yana dannawa da tan 15 da rabi, amma lissafin ya ce ruwa ya ɗauke 16 da ɗoriya, wato ya ɗauke fiye da abin da ke akwai, wanda ba zai yiwu ba. Duk inda irin wannan ya bayyana, dabarar ce ta kai iyakarta.

A 1955 Alan Bishop na Kwalejin Imperial da ke Landan ya wallafa gyara. Ya yarda cewa yankunan suna tura juna a kwance, sai ya samo dannawar gindin kowanne ta hanyar daidaita ƙarfin da ke aiki a tsaye kaɗai. Abin da wannan ya jawo shi ne ma'aunin aminci yana shiga cikin lissafin kansa, sai an yi hasashensa tukuna, a lissafa, a mayar da amsar a sake. A misalin damina, in aka fara da 1.23 na Fellenius, zagaye na farko zai ba da 1.34, na biyu 1.36, na uku ya tsaya a nan. Bambancin kusan kashi 10 cikin ɗari ne, kuma dabarar Fellenius ce ta fi ba da ƙaramar lamba, kamar yadda ta saba. Kuskurenta ya fi karkata ga taka-tsantsan, amma taka-tsantsan ɗin kuɗi ne, domin yana nufin a kwashe ƙasar da ba sai an kwashe ba. Daga baya Janbu na Norway, da Morgenstern da Price a 1965, da Spencer a 1967 sun kawo dabarun da ke aiki ko da shimfiɗar zamewar ba da'ira ba ce. Inda da'ira ce, amsarsu ba ta cika yin nesa da ta Bishop ba. Saboda haka lamba ba ta da cikakkiyar ma'ana sai an faɗi dabarar da ta fitar da ita.

Abin da lambar ke nufi, da abin da ba ta nufi

Ma'anar ma'aunin aminci ita ce: da nawa za a raba ƙarfin ƙasa kafin bangon ya kai gaɓar zamewa. In ya fito 1.5, to ƙasar tana amfani da kashi biyu cikin uku na ƙarfinta don ta tsaya, kashi ɗaya yana ajiye. In ya fito 1.0, babu ajiya. In lissafi ya ba da ƙasa da 1.0 alhali bangon yana nan tsaye, to ko dai alƙaluman ba daidai ba ne, ko kuma yanayin da aka lissafa bai zo ba tukuna. Lambar ba ta nufin ana iya ƙara wa bangon rabin nauyinsa, tunda an ga ƙarin nauyi yana taɓa ɓangarorin biyu. Kuma ba kason yiwuwar zaftarewa ba ce. Bango mai 1.3 da aka haƙa ramukan bincike da yawa a kansa, aka kuma auna hawa da saukar ruwansa damina biyu, yana iya fin aminci a kan mai 1.6 da aka lissafa daga gwaji ɗaya da aka yi da rani.

A mafi yawan ƙa'idojin aikin hanya ana neman kusan 1.5 ga bango na dindindin, kusan 1.3 ga na wucin gadi lokacin aiki, ana kuma ƙara tsanani inda akwai gidaje a sama ko a ƙasan bangon. Wannan ɗoriyar da ke kan 1.0 ba kyauta ba ce, kuɗin abin da ba a sani ba ne, kuma danƙo ne ya fi kowane adadi saurin yaudara. Samfurin da aka gwada bai fi tafin hannu ba, kuma galibi lafiyayyen ɓangare ne ke isa ɗakin gwaji, mai tsaga ya riga ya farfashe a hanya. A ce danƙon gaskiya a misalin rabin tan ne maimakon ɗaya da rabi. Gudummawarsa za ta sauka daga tan 36 zuwa 12. Da rani ma'aunin zai zama 1.24, bangon ya tsaya lafiya, kowa ya ce aiki ya yi kyau. Da ruwa ya kai rabi, sai ya zama 0.89.

Jar ƙasar yankunan zafi tana da nata salon ruɗi. Da rani ɗan danshin da ya rage a kafofinta yana tsotse ƙwayoyin yana haɗa su, sai ta nuna danƙon da ba nata ba ne na dindindin. Shi ya sa ake ganin bangon kududdufi ko na ramin haƙar ƙasa a miƙe kamar an yanka da wuƙa, shekara da shekaru, rana ɗaya bayan ruwan kwana uku ya rufto. Wani ɓangare na danƙon marmara na gaske ne, domin sinadarin ƙarfe ya manne ta, amma wanda tsotsar danshi ta kawo yakan tafi da zarar ƙasar ta ƙoshi da ruwa. Gwajin da za a dogara da shi shi ne wanda aka yi bayan an jiƙa samfurin sharkaf.

Lokaci ma yana aiki a kan bangon yanka ta hanyar da ta saɓa wa ta ciko. Idan aka tara ƙasa a kan yumɓu don ɗaga hanya, ranar da aka gama ce ta fi haɗari, daga nan ruwan da aka matse yana fita, ƙasar tana ƙara ƙarfi. Idan aka yanke kuwa, an sauke wa yumɓun kaya ne, sai matsin ruwansa ya faɗi na ɗan lokaci, bangon ya tsaya da ƙarfin aro. A hankali yumɓun yana shan ruwa, yana kumbura, yana laushi. Alec Skempton ya bi diddigin bangayen layin dogo da aka yanka a yumɓun Landan, ya nuna wasunsu sun zame ne bayan gomman shekaru da haƙa su. Don haka cewa bango ya ga damina biyar bai motsa ba ba hujja ba ce mai ƙarfi, kuma lissafin bangon yanka na ranar da ta fi muni a rayuwarsa ake yi, ba na ranar buɗe hanya ba.

Gindin bango da magudanan ruwa

Lissafin yankunan yana nuna inda taɓawa ke da haɗari da inda take da amfani. Yanki na farko tan 13 ne kacal cikin 174, shi ne kuma mafi sauƙin kai wa ga mai neman ƙasar bulo, ko mai son faɗaɗa wurin ajiye mota a bakin titi. In aka kwashe shi a yanayin damina na misalin, an rasa tokarewarsa, da cijewarsa, da danƙon mita 4 na da'irar. Ma'aunin zai sauka daga 1.23 zuwa kusan 1.05. Wannan ne kuma ya sa kwashe ƙasar da ta zubo kan hanya bayan zaftarewa yake buƙatar lura, domin sau da yawa ita ce ke tokare da sauran da bai sauko ba.

Magani yana bin wannan hanyar a juye. A rage kaya daga yankunan sama, ta kwantar da bangon ko ta yi masa matakala. A ƙara nauyi a gindi, da jibgin duwatsu ko kwandunan waya da aka cika da dutse, waɗanda ke barin ruwa ya wuce. Amma mafi arha, kuma mafi tasiri a yawancin wurare, shi ne hana ruwa taruwa: kwalbati a saman tudu da zai kama ruwan da ke gangarowa kafin ya iso bakin bango, bututu masu huji da ake cusawa cikin bangon su tsiyaye shi, da ƙofofin ruwa a jikin duk katangar da aka gina a gindi. Katangar siminti da ba ta da ƙofar ruwa madatsa ce, tana tara abin da aka gina ta don ta yi maganinsa. Duk waɗannan kuwa suna aiki ne muddin ana yashe su. Kwalbatin sama da ya toshe ko ya fashe yana iya zama mafi muni a kan babu, tunda yana tattaro ruwan tudu duka ya ɗura shi wuri ɗaya. Ciyayi irin su jema suna kare fuskar bango daga zaizaya, suna kuma riƙe ƙasar sama, sai dai saiwarsu ba ta isa da'irar da ke mita 6 a ƙasa.

Bangon da ma'auninsa ya kusanci 1.0 yakan ba da alama kafin ya sauko. Tsaga mai lanƙwasa tana buɗewa a saman tudu, ɓangarenta na wajen hanya ya ɗan nutse. Gindin bangon yana kumburowa, kwalbatin gefen titi ya matse ko ya karye, wani lokaci kwaltar kanta ta ɗago. Bishiyoyi da turakun lantarki suna karkacewa. Ruwa yana tsattsafowa daga jikin bangon a wurin da a da yake bushe, ko kuma bututun da ya saba zubar da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina. Lissafin kansa ba ya faɗin yawan motsin da za a gani ko ranar da za a gan shi, domin dabarar tana auna daidaiton ƙarfi ne kawai. Wannan sai da turakun awo da na'urorin auna ruwa da ake binnewa a bangon.

Akwai kuma bangayen da da'ira ba ta dace da su ba sam. Inda aka yanka dutse, kamar yadda ake yawan samu a kan Filato, ƙarfin dutsen ba shi ne abin dubawa ba. Tsagoginsa na asali ne ke yanke hukunci, kuma in suka karkato wajen hanya, falalen dutse zai iya sulluɓowa a kansu. Inda siririyar ƙasa ta kwanta a kan dutse mai gangare, zamewar kan bi mahaɗarsu ne a miƙe. Haka nan in akwai siririn layin yumɓu mai laushi a cikin tudun, ko tsohuwar shimfiɗar da ƙasa ta taɓa zamewa a kanta, tsagar za ta bi nan ko da layin bai fi kaurin yatsa biyu ba. A irin waɗannan wurare ana yanka yankunan ne a kan shimfiɗar da binciken ƙasa ya gano, a yi amfani da dabarar Janbu ko ta Spencer, a kuma sa ƙarfin wannan raunannen layin a gindin yankunan maimakon na lafiyayyar ƙasar da ke kewaye da shi.